Kuɗin makarantar baɗi ba na bana ba ne

Iyaye da yawa suna raba kuɗin makarantar bana gida 12, su riƙa ajiyewa duk wata. Satumba na zuwa sai a ga giɓi, a shiga neman rance. Ni a ganina laifin na lissafi ne, domin an yi tanadi a kan farashin da ya riga ya wuce.

Ɗauko rasit ɗin shekaru uku, ka ga yadda makarantar ke ƙari. A ce bara ka biya ₦150,000 na zango uku, bana ₦180,000. Ƙarin kashi 20 cikin ɗari ke nan. To, baɗi sa ran ₦216,000. Idan ka raba gida 12, ₦18,000 za ka riƙa ajiyewa a wata, ba ₦15,000 ba. Wannan ₦3,000 da ake rainawa ita ce ₦36,000 a ƙarshen shekara.

Wani zai ce ai ba a biya lokaci guda, zango-zango ne. Gaskiya ne, amma zangon farko ya fi nauyi: yunifom, littattafai, kuɗin PTA, ga shi galibi a nan sabon farashi ke fara aiki. Yaron da zai tsallaka daga firamare 6 zuwa JSS 1 kuwa, kada ka yi masa lissafi da rasit ɗinsa. Tambayi abin da 'yan ajin suke biya yanzu, ka ɗora ƙarin a kai.

Idan makaranta ta sanar da ƙarin da ya zarce hasashenka, cire abin da ka tara daga sabon adadin, ka raba ragowar da watannin da suka rage. Masu adashe kuma su roƙi uwar adashe kwasar Agusta.