Kafin Ka Danna Tura: Karatu Biyar da Kowane Imel Yake Bukata



Yawancinmu idan mun gama rubuta imel, sau ɗaya muke karanta shi daga sama zuwa ƙasa. Idan muka ji zancen ya zauna a kunne, sai mu tura. Ni a ganina wannan karatun ba tacewa ba ce, jin daɗin muryar kai ne kawai. Ido yana karanta abin da zuciya ta yi niyyar rubutawa, ba abin da yatsa ya buga ba. Shi ya sa nake da ra'ayin cewa imel mai muhimmanci, kamar na edita ko maɗaba'a ko masu shirya gasa, sau biyar ya kamata a karanta shi, kuma kowane karatu abu ɗaya tak za a nema a ciki. A fara da kuskuren da ya fi tsada: suna, kwanan wata, lamba, sannan waƙafi, sannan kalmar da ta maimaitu.

Na taɓa tura wa wata edita labarina, na buɗe da "Malam" alhali mace ce, don sunan da na gani a gajarce yake kuma ban bincika ba. Ta amsa cikin mutunci, amma jimlarta ta farko gyaran wannan kuskuren ce. Na yi kwana uku ina goge labarin, ban ba wa layin gaisuwa ko minti ɗaya ba, ga shi kuma da shi aka fara sanina.

Mu ƙaddara wata marubuciya ce za ta tura wa manajar wata maɗaba'a wannan saƙo:

"Barka da aiki Malam Jamilu. Ga littafi na na farko na turo domin a a duba. Ina so a buga kwafi 500 a kan N1,200 kowane, jimla N60,000. Za a ƙaddamar da shi ranar Asabar 3/4/2025 da ƙarfe 8. Waɗanda suka tace shi su ne Amina Sani da Musa."

Wanda ya karanta a gurguje zai ce lafiya lau. Bari mu bi shi sau biyar mu gani.

Karatu na farko: sunaye

A Hausa harafi ɗaya ne yake raba namiji da mace a sunaye da yawa: Jamilu da Jamila, Aminu da Amina, Habibu da Habiba, Balarabe da Balaraba. Manajar da za a tura wa saƙon nan Malama Jamila ce, kun ga tun a layin farko an yi tuntuɓe. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada in rubuta sunan mutum da ka. Ina komawa ƙasan imel ɗin da ya turo mini, ko sanarwar da ya fitar, in kwafo sunan yadda shi da kansa yake rubuta shi.

Dalili kuwa suna ɗaya yana da rubutu iri-iri. Akwai Muhammad, akwai Mohammed, akwai Muhammadu, a Nijar kuma akwai Mahamadou. Akwai Aisha, A'isha da Aishatu. Wanda yake rubuta Ousmane ko Issoufou ba kuskure ya yi ba, haka sunan yake a takardunsa, kuma ba hurumin marubuci ba ne ya mayar masa da shi Usman ko Yusuf. Haka batun ƙugiya: idan mai sunan yana rubuta Ɗanladi da ƙugiya, a sa masa abarsa. A duba muƙami ma, domin Dakta da Farfesa ba ɗaya ba ne. Sannan a kula da wayar hannu, tana yawan sauya sunan Hausa da kalmar Turanci mai kama da shi ba tare da ta nemi izini ba.

Karatu na biyu: kwanan wata da lokaci

Me ake nufi da 3/4/2025? A Najeriya da Nijar rana ake fara rubutawa, wato 3 ga Afrilu. A Amurka wata ake farawa da shi, wato 4 ga Maris. Wata guda cur ne a tsakaninsu. Maganin wannan mai sauƙi ne: a rubuta sunan watan da haruffa, 3 ga Afrilu, 2025.

Daga nan a buɗe kalanda a gwada sunan rana da kwanan watan. 3 ga Afrilu, 2025 Alhamis ce, ba Asabar ba. Ko an ɗauke shi a matsayin 4 ga Maris ma, Talata ce. Asabar ɗin wannan makon na Afrilu 5 ga wata ce. To wanne marubuciyar take nufi, ranar ko kwanan watan? Mai karɓar saƙo ba shi da hanyar sani sai ya kira ya tambaya, idan ma ya lura. Wannan ne amfanin rubuta duka biyun: ɗaya yana tona asirin ɗaya idan an yi kuskure.

"Ƙarfe 8" kuma na safe ne ko na dare? A faɗa. Idan taron ta intanet za a yi, a faɗi agogon ƙasar da ake nufi, don ƙarfe 8 a Kano ko Zinder ƙarfe 7 ne a Kumasi, ƙarfe 9 kuma a Khartoum. A guji "gobe" da "jibi" su kaɗai, domin mai karɓa yana iya buɗe saƙon bayan kwana biyu. A watan Janairu kuwa a ƙara duba shekara, hannu yakan ci gaba da rubuta tsohuwa.

Karatu na uku: lambobi

Ba a karanta lamba, lissafa ta ake yi. Kwafi 500 sau N1,200 ya kama N600,000, ba N60,000 ba. Sifiri ɗaya ne ya faɗi, amma bambancin N540,000 ne, kuma a kan irin wannan ake ɓatawa da abokin hulɗa. Duk inda aka ce jimla, a ɗauki waya a sake bugawa. Kuɗi mai yawa kuma a rubuta shi sau biyu, da lamba da kuma kalmomi: N600,000, wato naira dubu ɗari shida. A faɗi irin kuɗin, naira ce ko sefa ko sidi. Masu rubutu da tsarin Faransanci sukan raba dubbai da ɗigo ko fili, kamar 600.000 ko 600 000, don haka rubutawa da kalmomi tana kashe gardama.

Lambar da ba a lissafawa kuma ƙirga ta ake yi. Lambar asusun banki a Najeriya guda 10 ce. Lambar waya guda 11 ce idan an fara da sifiri, a Nijar kuma guda 8 ce ban da lambar ƙasa. Idan ƙirga ta cika, a karanta lambobin bibbiyu da murya ana gwadawa da asalin inda aka samo su, saboda 47 yakan koma 74 kuma ƙirga ba ta kama wannan.

Karatu na huɗu: waƙafi

Wasu suna yayyafa waƙafi duk inda numfashinsu ya ɗauke, wasu kuma ba sa sa shi sam. A imel, waƙafin da ya fi damuna shi ne wanda yake sauya ma'ana. "Amina Sani da Musa" mutum biyu ne. "Amina, Sani da Musa" mutum uku ne. Idan maɗaba'a za ta sa sunayen a shafin godiya, rashin waƙafin nan ya shafe mutum guda. Wanda yake son kauce wa ruɗanin gaba ɗaya sai ya jero su irin na Hausa: Amina da Sani da Musa.

Wuri na biyu shi ne kiran suna. "Malam, Audu ya iso" labari ake ba Malam. "Malam Audu ya iso" kuwa labarin Malam Audu ake bayarwa. Haka "Ku ci, yara" da "Ku ci yara", na biyun sai a bakin dodo a tatsuniya. Gwajin da nake yi shi ne in cire waƙafin in sake karanta jimlar. Idan ma'ana ta sauya, dole ya zauna. Idan kuma na ga jimla ɗaya ta ɗauki waƙafi huɗu ko biyar, alama ce jimloli biyu ne suka manne, aya suke nema.

Karatu na biyar: kalmomin da suka maimaitu

Nan ne Hausa take da nata sha'anin. "Domin a a duba" kuskure ne tsantsa, a goge ɗaya. Irin wannan ya fi faruwa a ƙananan kalmomi kamar a, da, na, ta, ya, musamman idan ɗaya tana ƙarshen layi ɗaya tana farkon na gaba. Amma "littafi na na farko" ba gogewa yake so ba, haɗewa yake so: littafina na farko. Haka "waya ta ta lalace", daidai shi ne wayata ta lalace. Wato maimaicin a nan yana nuna kuskuren rabin kalma ne. Akwai kuma maimaicin da yake halal ɗinsa, kamar "da da hali da na zo", ko maza-maza da sannu-sannu, waɗanda karan ɗori kawai suke bukata a tsakani.

Saboda haka kada a bar wa na'ura hukunci. A kwamfuta a danna Ctrl+F a nemo "a a" da "da da" da "na na" da "ta ta", sannan a dubi kowanne a yanke masa hukunci da kai. A duba kuma kalmar da aka gaji da ji, kamar "kuma" sau shida a sakin layi ɗaya.

Ga yadda saƙon ya koma bayan karatu biyar:

"Barka da aiki, Malama Jamila. Ga littafina na farko na turo domin a duba. Ina so a buga kwafi 500 a kan N1,200 kowane, jimla N600,000, wato naira dubu ɗari shida. Za a ƙaddamar da shi ranar Asabar, 5 ga Afrilu, 2025, da ƙarfe 8 na dare. Waɗanda suka tace shi su ne Amina da Sani da Musa."

Na san wani zai ce imel ai ba littafi ba ne, wa yake da lokacin karatu biyar? Saƙon gaisuwa ga aboki ba ya bukatarsu, na yarda. Amma gajeren imel irin wannan, duka karatun ba zai wuce minti biyar ba, kuma shi ne rubutunka na farko da edita zai gani kafin ya buɗe labarinka. Idan ya ga ka ɓata sunansa, da wane ido zai karanta shafi ɗari biyu? Abin da jerin nan ba zai iya ba shi ne gyara bayanin da tun asali aka ba ka ba daidai ba, don haka lambar asusun da aka faɗa maka a waya, nemi a rubuto ta.

Dabara ta ƙarshe: bar gurbin adireshin mai karɓa a wofi har sai ka gama karatu na biyar, yadda ko yatsa ya zame saƙon ba zai tafi ba. Masu amfani da Gmail kuma su shiga saituna a kwamfuta su ɗaga Undo Send zuwa daƙiƙa 30, wanda shi ne iyakarsa. Bayan wannan rabin minti, magana zarar bunu ce.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.