Kuɗin Ba Ya Tafiya, Saƙo Ne Ke Tafiya

Mu da ke jami'a kan jira kuɗin abinci daga gida kamar yadda ku ke jiran na rajistar NECO, don haka mun san zaman kallon waya ana jiran alat. To, me ke faruwa a daƙiƙun nan?

A ce Baba ya je wurin mai POS a Rano ya tura naira 20,000 zuwa asusunmu da ke wani banki daban. Babu takardar kuɗi ko ɗaya da ta motsa. Bankin mai turawa ya aika saƙo ne zuwa NIBSS, wani kamfani da Babban Bankin Nijeriya da sauran bankuna suka mallaka tare. Da farko ana tambayar bankinmu: lambar nan mai alƙaluma 10 ta wace ce? Shi ya sa suna ke fitowa kafin a danna. Daga nan a cire kuɗin a can, bankinmu kuma ya rubuta mana 20,000 nan take, tun kafin a biya shi. Wannan tsari shi ne NIP, wanda aka fara a 2011, kuma yana aiki dare da rana, har Lahadi.

Bankunan sai daga baya suke lissafi, kamar 'yan kasuwa biyu da ke karɓar kaya a hannun juna su daidaita da yamma. Idan mutanen banki na farko sun tura wa na biyu miliyan 5, na biyun kuma sun turo miliyan 3, miliyan 2 kaɗai za a biya, ta asusun da kowannensu ke da shi a Babban Banki.

Mai kwana kuwa yawanci NEFT ne. Shi ba ya ɗaukar saƙo ɗaya-ɗaya; tarawa yake, kamar motar Kibiya da ba ta tashi sai lokacinta ya yi. Ana sarrafa shi rukuni-rukuni a ranakun aiki kawai, don haka wanda aka tura da yammacin Juma'a na iya kaiwa Litinin.

Amma NIP ma yana maƙalewa. In bankin da zai karɓa bai amsa da wuri ba, sai a cire kuɗi a Dawaki alhali bai shiga ba, kamar yadda aka sha fama a Fabrairun 2023 lokacin ƙarancin takardun naira. Kada a yi gaggawar sake turawa. A fara duba ragowar asusu, domin alat saƙon waya ne kawai, yana iya makara ko da kuɗin ya shiga. In da gaske bai shiga ba, mai turawa ne zai kai ƙorafi bankinsa, da lambar Session ID mai alƙaluma 30 da ke jikin rasit.