Daga Bakin Akwati: Ƴar koyo a shagon ɗinki, nawa ne haƙƙinta, kuma yaya za a rabu?



A wani taron zubi da muka halarta a Maraɗi, wata mamba mai shagon ɗinki ta tashi da ƙorafi har muryarta na rawa. Yarinyar da ta koya wa ɗinki shekara 3 ta bar ta ana saura kwana goma azumi, ta kafa kekenta a zauren gidansu, layi biyu tsakaninsu, kuma masu kawo ɗinki da dama sun bi ta. Ta rantse ba ta ƙara koya wa ɗiyar kowa. Sai wata dattijuwa ta tambaye ta: "To ƴar nan, cikin shekara ukun nan me kike ba ta?" Ta ce: "Inna, abinci mana, da ɗinkin Salla." Wuri ya yi shiru, don da yawa cikinmu haka muke yi.

Mun zauna da masu shago da waɗanda suka taɓa zama ƴan koyo, muka buga lissafi tare. Abin da muka gano shi ne, ƴar koyo dole wata rana ta tafi, don abin da ya kawo ta ke nan. Abin da ke hannunmu shi ne yadda za ta tafi: da yarjejeniya da albarka, ko da fushi da rabin masu kawo mana ɗinki. Kuma tun daga kuɗin da ake ba ta ake gane wanne zai faru.

Bari mu ɗauki misali. Za mu rubuta kuɗi da sefa yadda muke yi a kaye, wato 500 dala ɗari ke nan, 1.000 kuma jikka guda. Kowa ta sa farashin garinsu, don na Yamai ba na Tawa ba ne. A ce riga da zane marar kwalliya ana ɗinka shi 2.000. Zare, zip, man keke, gawayin guga da rabon kuɗin haya sun ci 500. Saura 1.500, shi ne ladan hannu, kuma daga cikinsa ake fidda haƙƙin yarinya. Kuskuren da wasu ke yi shi ne su yi rabo a kan 2.000, sai wata ya ƙare su ga babu kuɗin zare.

Koyon kuma a ce na shekara 2 ne, a kasa shi hawa uku.

Hawa na farko wata 6 ne. Yarinya tana koyon taka keke, tana guga, kalmasa, sa maɓalli, tana gwada ɗinki a kan takardar buhun siminti da ƙyallaye kafin a ba ta atamfar mutane. A nan ba ta kawo kuɗi, ci ma take yi: ta karya allura, ta cukurkuɗa zare. Duk da haka a ba ta na kalaci da sabulu, a ce 250 a rana. Kwana 26 na aiki ya kama 6.500 a wata, wata 6 kuma 39.000. Kuɗin nan ne ke sa uwar ɗaki jin an ci ta in yarinya ta tafi, saboda haka gara a rubuta shi a san adadinsa.

Hawa na biyu shekara guda ce. Uwar ɗaki ta yi awo ta yanka, yarinya ta haɗa. Na kalaci yana nan, sannan a ƙara mata kashi ɗaya cikin biyar na ladan hannu, wato 300 a kan kowane ɗinkin da ta gama aka duba aka karɓa. Mu ce in an haɗa watannin biki da na damina, lokacin da aiki ke ja baya, tana haɗa ɗinki 20 a wata, wanda da babu ita da shago bai iya karɓarsa ba. Ladan hannunsu 30.000 ne. Nata 6.000 da 6.500 na kalaci, 12.500 ke nan. Shago ya tsira da 17.500. Kun ga cikin wata 3 kacal 39.000 ɗin farko ya dawo, sauran watannin riba ce. Duk wadda ta ce yarinyar da ta shekara biyu tana haɗa mata ɗinki ba ta biya kuɗin koyo ba, ba ta buga wannan lissafi ba.

Hawa na uku shi ne wata 6 na ƙarshe, lokacin koyon awo da yanka. Rabonta ya hau zuwa kashi ɗaya cikin uku, 500 a kan kowane ɗinki, 10.000 a wata. A nan ake ɓata yadi, don almakashi ba ya komawa baya. Sai a yi magana tun da wuri: ɓarnar da aka yi uwar ɗaki na tsaye tana nunawa, ta shago ce, wadda yarinya ta yi don ta yanka ba tare da an duba awo ba, a raba asarar biyu, a riƙa cire nata kaɗan-kaɗan. Kada a hana ta na kalaci don horo.

Yanzu ga inda asusunmu ya shigo. Rabin kason ɗinki a ba ta a hannu, rabin a zuba mata a akwatin ƙungiya da sunanta. A hawa na biyu 3.000 ne a wata, shekara ta ba da 36.000. A hawa na uku 5.000 ne a wata, 30.000 ke nan. Ranar yaye tana da 66.000, ban da ribar rabo. Wannan ya kama hanyar kuɗin keke mai ƙafa, abin da ya rage kuma ta ci rance tunda an san ta da zubi. In lokacin fasa akwati ya zo kafin ta gama, sakatariya ta rubuta nata a mai da shi cikin sabon zubi. Kada kuɗin ya zauna hannun uwar ɗaki. Mun ga inda aka ce "ina ajiye miki", haya ta taso aka taɓa, ranar tafiya babu, zumuncin gida biyu ya lalace. Akwati mai kwaɗo uku ya fi ƙarfin wannan.

Wata za ta ce: "Ashe da hannuna zan saya wa kishiyar sana'a keke?" Gaskiya ne, za ta yi ɗinki, kuma wasu za su kai mata. Amma a duba abin da ke faruwa in ba a yi hakan ba. Yarinyar da ba ta da kaso ba ta da dalilin jira. Sai ta fara karɓar ɗinki a ɓoye tana yi da dare a keken maƙwabta. Alamunsa ba su ɓuya: zare yana ƙarewa da wuri, tana zuwa da safe ido jawur, masu kawo ɗinki su leƙo su ce "ina yarinyar nan?" su koma in ba ta nan, waya ta yi ƙara ta fita waje kafin ta ɗauka. Wadda kuwa ta san kuɗin kekenta na taruwa duk sati, kuma ta san ranar gamawarta, me zai kai ta gudu a wata na 15?

Haka ma dabarar ɓoye yanka, da wasu ke aiken yarinya kasuwa duk lokacin da za su ɗauki almakashi. Ba ta hana komai. Yarinya za ta warware tsohuwar riga ta shimfiɗa a kan takarda ta koya, ko ta biya wani tela ya yanka mata. Ta tafi dai, ta tafi da rabin sana'a, kuma duk rigar da ta ɓata sunanki za a kira, a ce a wajen wance ta koya.

Abin da ya kamata a tsare ba sana'ar ba ce, masu kawo ɗinki ne da lokacin tafiya. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Ranar da aka kawo yarinya a zauna da uwarta ko mijinta, da shugabar ƙungiya da sakatariya, a rubuta a kaye, kowa ya sa hannu. A rubuta tsawon koyo da kuɗin kowane hawa. A sa ranar yaye bayan Babbar Salla, kada ta faɗo cikin azumi ko lokacin komawa lakkol, sa'ad da aiki ya fi yawa. A yarda cewa kayen awo da lambobin waya na shago ne, suna zama a shago, amma danginta da ƙawayenta da ta jawo da kanta nata ne, a rubuta sunayensu a shafi dabam. A kuma yarda ba za ta kafa keke a layin shagon ba har shekara guda. In aure ko ƙaura ya ɗauke ta kafin lokaci, abin da ta tara nata ne, sai dai babu takardar shaida. A kula da shekaru kuma: dokar aiki ta Nijar ta hana ɗaukar yaro aiki ko da na koyo ne kafin shekara 14, kuma kada a fidda yarinya daga lakkol saboda keke.

Mu faɗi gaskiya, wannan takarda ba ta ɗaure ƙafar mai kawo ɗinki. Mace za ta kai atamfarta inda ta ga dama, kuma in kina saɓa alkawarin ranar karɓa, ko babu ƴar koyo za ta gudu. Ƙarfin takardar na shaidu ne da kunyar idon ƙungiya, inda yarinyar za ta zo neman rance gobe.

Bayan yaye kuma ciniki bai ƙare ba. A goman ƙarshe na azumi, ko in aka kawo ankon biki mai yawa, kowace mai shago ta san yadda ake mai da mutane don babu hannu. Maimakon haka sai ki yi awo ki yanka, ki aika wa tsohuwar ƴar koyonki ta haɗa a kekenta da zarenta. A cikin 2.000 ta ɗauki 1.500, ki riƙe 500 ladan yanka da dubawa. Ba ki sayi keke ba, ba ki biya kalaci ba, mai kaya kuma bai bar hannunki ba. Amma sai wadda kika koya wa da kyau za ki iya miƙa wa shaddar mutane, kuma sai wadda kuka rabu lafiya za ta karɓa.

Aikinmu kafin taro mai zuwa: duk mai ƴar koyo ta rubuta ɗinkin da yarinyar ta haɗa cikin sati biyu, da abin da ta ba ta, ta zo da kayen. Masu saƙa, masu sabulu da masu man gyaɗa su ma su buga nasu da farashin sana'arsu, mu duba tare.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu. Sai fitowa ta gaba.