Kusurwar Kwamfuta: Wasanka na rarrabe ja da kore kuwa?

Ɗalibai, a wannan makon za mu duba wani abu da masu koyon ƙirƙirar wasa kan manta. Akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe ja da kore sosai. Ba makafi ba ne, gado ne, kuma ya fi yawa ga maza: a ƙasashen Turai wajen namiji 1 cikin 12, mace kuwa 1 cikin 200. Wani ma bai san yana da matsalar ba, sai dai a yi ta ce masa bai iya wasa ba.

Mu ɗauka kun yi wasa a Scratch. Mangwaro na faɗowa daga sama, wanda ya cafke nunanne mai ja ya ci maki, wanda ya cafke ɗanye mai kore ya rasa. Ga mai wannan matsala, duka biyun na iya zama kusan launi guda, sai ya koma wasan canke.

Dabarar farko da kan zo wa mutum ita ce canza launi, kuma tana taimakawa. Wordle na da maɓallin da ke mai da kore da rawaya zuwa ruwan lemo da shuɗi. Amma mu a ganinmu wannan rabin aiki ne, domin ba kowa ne matsalarsa ja da kore ba. Abin da ya fi shi ne kada launi ya ɗauki saƙo shi kaɗai. Ku lura da Candy Crush, kowace alawa da launinta da kuma siffarta. Masu Among Us ma a 2020 suka ƙara alamomi a kan wayoyin da ake haɗawa.

To, a wasanku ku zana wa kowane mangwaro `costume` na biyu: nunanne da farin tauraro, ɗanye da baƙin gicciye. Ku ƙirƙiri `variable` mai suna `alama`. Idan yana kan 1, `switch costume to` ya zaɓi mai alamar. Maɓallin kunna shi ya kasance a shafin farko, kada ku ɓoye shi can ciki.

Gwajin ba wuya. Ku ɗauki hoton allon, ku mai da shi baƙi da fari. Idan kun kasa gane nunanne daga ɗanye, aiki bai kammala ba. A wayar Android, cikin `Developer options` akwai `Simulate color space`, inda `Deuteranomaly` zai nuna muku kwatankwacin abin da mai matsalar ke gani.

Maɓallan sarrafawa ma haka. Maimakon ku kafe kan kibiyar hagu, ku ajiye sunan maɓallin a `variable`, ku jefa shi cikin `key ( ) pressed?`, don mai amfani da hannu ɗaya ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi. Girman rubutu kuwa, ku ninka shi biyu ku duba ko ya tsallake akwatinsa, domin a nan ya fi ɓaci.