Raddi ga mai cewa gas ɗin tsirrai ba ruwansa da filta

Wani mai sayar da gas ɗin tsirrai, wato bayodizal, ya tara masu motocin haya a Dambatta yana cewa a zuba kawai: man wanke inji yake yi, don haka filta ma hutawa za ta yi, maganar ƙin tashi da sanyi kuwa ta Turai ce, Kano ƙasar zafi ce. Da aka matsa masa sai ya kafa hujja da gwamnati da Indonesiya.

Mu fara da wankin, tunda nan ya fi ɗaga murya. Gaskiya ne bayodizal yana narkar da dauɗa. To dauɗar ina za ta? Ko malam yana zaton tana da ƙofar baya? Kanta mai shekara goma sha biyar tana jigilar gero zuwa Dawanau, ta sha gas ɗin 'yan bumburutu iri-iri, gindin tankinta cike yake da laka da tsatsa, sun kwanta ba su damun kowa. Ka zuba lita 20 ta bayodizal a kan lita 80 ta gas, abin da ake kira B20, sai ya ɓamɓaro su, famfo ya zuƙo, su tsaya a filta. Motar za ta yi salo lafiya a tasha. Ɗora mata kaya ka taka totur, sai ta riƙa shaƙewa, ta mutu, ta huta minti kaɗan ta tashi, ta sake mutuwa. Direba ya ce famfo ne, bakanike ya ce nozul ne, a kashe kuɗi a banza.

A yanka filtar a gani. Baƙar laka da ɓurɓushin tsatsa, dauɗar tanki ce, kuma takan ƙare bayan an canza filta sau ɗaya ko biyu. In abin mai yauƙi ne da wari, ruwa ne ya shiga, domin bayodizal ya fi gas riƙe danshi, ƙwayoyin cuta kuma suna hayayyafa a inda ruwa da mai suka haɗu. In kuwa danƙo ne ruwan ƙasa mai kama yatsa, to mai haɗin bai gama aikinsa ba, ya bar gilisarin da sabulu a ciki. Wannan ba ya ƙarewa sai an bar man. Mutumin da bai ambaci ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, bai kuma ce a wanke tanki ko a ajiye filta ta biyu a mota ba, ciniki yake yi.

Sai sanyi. Da alama malam bai taɓa ta da mota da asuba a Kunchi cikin Janairu ba, lokacin da hunturu kan sauko da ma'auni kusa da digiri 10. Bayodizal na manja, in zallarsa ne, yana fara yin hazo da ƙanƙarar kitse tun wajen digiri 13 zuwa 16. Na waken suya sai kusa da sifili. Ashe tambayar ita ce daga wane mai aka yi shi. B20 da aka gauraya da kyau ba zai daskare a Kano ba, na yarda da wannan. Amma bayodizal ya fi gas nauyi. Zuba shi a tanki da dare cikin sanyi ba tare da ya gauraya ba, sai ya kwanta a ƙasa, daga ƙasa kuma bututu yake zuƙa. Filta ta cika da farin kitse, wanda in ka ajiye ta a rana zai narke. Shi ya sa motar da ta ƙi tashi da asuba take tashi da hantsi. Gwajin ba tsada: cika kwalba da haɗin, ta kwana a waje, ka duba kafin fitowar rana. In ta yi hazo, rage haɗin zuwa B5. A kuma duba batir da hita kafin a ɗora wa mai laifi.

Gwamnati kuwa, e, manufar man tsirrai ta 2007 ta ambaci B20. Takarda ce. Jarkar da ba a rubuta komai a jikinta ba ba ta zama mai inganci don an yi manufa a Abuja.

Indonesiya ta kai B30 a 2020, B35 a 2023, da man da ake gwadawa a kan ma'auni, kuma can ma masu motoci sun koka da yawan canjin filta.

Tsofaffin tiyo na roba da man yake kumburawa, da lalacewar da yake yi in ya haura wata shida a ajiye, waɗannan ko kusa da su malam bai je ba.