"Sabis ne kawai" ita ce maganar da ke kwashe mana kuɗi



Akwai wata ɗabi'a da muka reno a Lambata wadda lokaci ya yi da za mu yi faɗa da ita. Waya za ta ɗauke sabis ɗif, mutum ya dube ta ya ce "sabis ne kawai, zai dawo", ya jefa ta aljihu ya ci gaba da ciniki. Mun saba da matsalar sabis har ta daina ba mu tsoro, kuma wannan sabon shi ne jarin ɓarawon layi.

Ga yadda satar take. Kamfanonin waya suna da hanyar sake wa mutum layinsa idan ya ɓata ko ya lalace, abin da muke kira walkam bak. Ɓarawo yakan tattara bayananka, wato cikakken suna, ranar haihuwa, lambar NIN, lambobin da ka fi kira da kuɗin da ka sa na ƙarshe, sannan ya je a matsayin kai, ko ya haɗa baki da wani ejan maras amana, a ɗora lambarka a kan sabon sim. Da na hannunsa ya tashi, naka ya mutu. Wayarka tana aljihunka, amma lambarka ta koma gidan wani. Tun da aka kawo BVN a 2014, aka kuma fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, lambar waya ta zama mabuɗin asusu. A kanta ake turo lambar sirrin da ke tabbatar da fitar kuɗi, a kanta alat ke shigowa. Da layinka ɓarawo zai danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, daga nan ya nemi sauya fin, ya buɗe manhajar banki, har ya ci bashi da sunanka.

Mu ɗauki abin da ya sami wani ɗan uwanmu mai sayen doya, wanda ba za mu kama sunansa ba. Kwana biyu kafin abin, wani ya kira shi da murya mai ladabi ya ce daga kamfani ne, za a rufe layinsa idan bai tabbatar da NIN da ranar haihuwa ba. Ya faɗa. Ranar Juma'a bayan la'asar baƙin lambobi suka dame shi da kira har ya gaji ya kashe wayar. Da ya kunna bayan magariba sai ya ga No service. Ya ce da safe zai dawo. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Litinin ya hau mota zuwa Suleja, a can aka shaida masa an yi wa layin walkam bak tun Juma'a. Kuɗin doyar da ba nasa kaɗai ba sun fita kashi-kashi, kuma ko alat ɗaya bai gani ba, domin alat ɗin yana zuwa wa ɓarawon ne.

Ku duba, sau uku aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Kiran neman bayanai alama ce ta farko, don ba kamfani ko bankin da zai kira ka ya tambayi fin ko lambar sirrin da aka turo maka. Damun da aka yi masa da kira alama ce ta biyu: so ake ka kashe wayar don kada ka lura da lokacin da layin ya mutu. Ta uku ita ce ɗaukewar sabis da ya ƙi dawowa. Wani kuma yakan sami saƙon cewa an nemi sauya masa sim, ko lambar sirri ta shigo alhali bai nemi komai ba. Zaɓen yammacin Juma'a ma ba banza ba ne: ɓarawon ya san rassan banki sun rufe sai Litinin.

Za a ce, to duk lokacin da sabis ya ɗauke sai mu tayar da hankali? A'a. Abin da muke nema minti biyar ne na gwaji. Ka tambayi na kusa da kai mai irin layinka. Idan kowa ba shi da sabis, matsalar ta gari ce. Idan kai kaɗai ne, ka kashe wayar ka kunna, ka cire sim ka goge ka mayar, ka gwada shi a wata wayar. Idan a can ma ya nuna No service ko Emergency calls only ko SIM registration failed, to ka ari waya ka kira lambarka. In ka ji tana shiga alhali taka shiru, magana ta ƙare, layinka yana hannun wani. In kuma aka ce a kashe take, kada ka saki jiki, don ɓarawon ma yana iya kashe ta.

Daga nan sai wurin da yawancinmu ke kuskure: mu ruga neman layi mu bar asusu a buɗe. Banki ne farko. Layi zai dawo ko gobe, kuɗin da aka rarraba asusu biyar kuwa da wuya. Bankuna sun tanadi lambar rufe asusu da ake dannawa daga kowace waya, ko ta maƙwabci ce. A Access *901*911# ce, a Zenith *966*911#, a First Bank *894*911#. Za a nemi lambar wayarka ko ta asusun, sai a dakatar da fitar kuɗi. Mai wani banki ya tambayi tasa tun yau, ko ya kira lambar da ke bayan katin ATM. Kada a manta da asusun Opay, Moniepoint ko Palmpay, domin a nan lambar wayar ce kusan komai. A rufe duka, ba babban kaɗai ba.

Bayan banki sai kamfanin waya. Ka ari waya mai irin layinka ka kira 300, ka ce an sauya maka sim ba da saninka ba, a dakatar da lambar. Da gari ya waye ka tafi ofishinsu da takardar NIN da katin da sim ɗin ya zo a ciki in yana nan, a mayar maka da layin. Ka sanar da iyali da abokan ciniki kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka, don wasaf ɗinka ma yana iya faɗawa hannunsa. Ka rubuta lokacin da sabis ya ɗauke, ka kai ƙara wurin 'yan sanda, ka kai wa banki koke a rubuce ka karɓi shaida. Idan kamfanin ya yi maka wasa, lambar koke ta hukumar NCC ita ce 622, kuma kyauta ce.

Ba mu wanke kamfanoni ba. Duk wanda ya sake layi ba tare da ya tantance mai shi ba yana da alhaki, kuma dole mu riƙa kai ƙara. Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu ne ke barin takardar NIN a shagon hoto, mu karanta fin da ƙarfi a gaban mai POS, mu bar waya da sim a wurin caji tun safe. Sa wa sim fin yana da kyau, amma wayar da aka sace yake karewa, ba ya hana walkam bak na ƙarya. Mafi muni kuma, idan an cuci mutum sai ya yi shiru don kunya, sai a yi wa maƙwabcinsa irin ta mako mai zuwa.

Kafin ka kwanta yau, ka rubuta lambar rufe asusunka da lambar asusun a takarda ka ajiye a gida, ba cikin wayar ba. Ka yi wa mahaifiyarka da duk dattijon da ba ya karatu haka, ka nuna masa wanda zai nufa idan wayarsa ta yi shiru. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.