Takardar Koke Kan Wahalar Soke Rajistar da Ta Zo Cikin Tsarin Data

Zuwa ga Shugaban Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC), Abuja.

Ranka ya daɗe,

Mu masu amfani da layukan waya ne a Kano, mun kawo kukanmu kan rajistar manhajojin kallo da sauraro da ake haɗawa da data. Shiga ba wuya, amma ranar da mutum ya so fita sai ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ga abin da ya sami wata 'yar'uwarmu mai ɗinki. Ta sayi datar wata guda a rumfar mai sayar da kati, aka ce da kallon fina-finai kyauta a ciki. Da wata ya cika, rajistar ta sabunta kanta, aka zare kuɗin daga katin da ta loda. Ta goge manhajar, cirar ba ta tsaya ba, domin gogewa ba ta taɓa rajista. Ta tura STOP zuwa 2442, ashe wannan saƙonnin talla yake tsayarwa. Kamfanin manhajar ya ce ba shi ke karɓar kuɗinta ba, ta koma wa kamfanin layi. Ta kira 300, aka ce ta nemi wanda ya yi mata rajista. Mai rumfa kuwa ya tashi daga wurin, kuma da adireshin imel ɗinsa ya buɗe mata asusun.

Da ƙyar muka gane cewa inda kuɗin ke fita, nan ake sokewa. In daga katin waya ne, kamfanin layi ne, ta *305#. In saƙon banki ne ke shigowa, to kamfanin manhajar ne ko Google Play. In dillali ne ya biya da asusunsa, shi kaɗai ke iya tsayarwa. Ranka ya daɗe, ba daidai ba ne talaka ya koyi wannan da kuɗin cefanensa.

Don haka muna roƙon hukuma ta tilasta wa kamfanonin layi su rubuta, a cikin saƙon cirar kuɗi, sunan abin da aka biya wa da lambar sokewa, har da Hausa. Wanda ya zari kuɗin shi ya kamata ya soke, kada ya tura mu wani wuri. A kuma hana dillalai yi wa mutane rajista da bayanan da ba nasu ba.

Akwai kuma batun 622. Ana so mai ƙorafi ya fara kai kuka ga kamfaninsa ya karɓo lambar ƙorafi. Wanda aka sallama da "ba namu ba ne" ba a ba shi wannan lambar. Muna roƙon a wajabta ba da ita ga duk wanda ya kira, ko da za a tura shi gaba.

Allah ya taimaki shugaba.

Mu ne,
Wasu masu amfani da layukan waya, Kano.